Layi ukun farko na wasiƙar neman aiki, da yadda suka jawo min asara

Jiya na ajiye aiki a shagon taki da maganin feshi da nake riƙe wa sito a Sabon Gari, amma har yanzu abin bara bai bar raina ba.

Wani kamfanin abincin kaji ta wajen Kwangila ya nemi mai kula da sito. A tallar sun faɗa ƙarara, wanda zai iya daidaita lissafin kayan da ke sito da abin da ke littafi suke so. Wallahi aikin da na yi shekara 3 ina yi kenan. Amma da na je bizines santa a Samaru, irin buɗewar da kowa ke yi na yi, wai na ga tallarku, na gama difloma, ni mai gaskiya ne da ƙwazo. Aikin siton sai a sakin layi na uku na ambace shi. Ko intabiyu ba su kira ni ba, sai ji na yi yaron da ni na koya wa cike katin kaya shi suka ɗauka.

Na kai wa yayata wasiƙar, ita tana cikin masu tantance takardu a wurin aikinsu. Ta sa yatsa ta rufe sunan kamfanin ta ce, "Karanta min sakin layin farko. Akwai inda ba za ka iya aika wannan ba?" Na yi shiru. Ta ce, "To ka gani, ƙanena. In wasiƙu suka taru a gabana, wanda bai taɓo matsalata tun daga sama ba bana kaiwa ƙasa."

A tabarmar tsakar gida muka sake rubuta sakin layin farkon da biro. Da Turanci ne, amma ga ma'anarsa: "Kun ce kuna neman mai daidaita sito da littafi. A shagon da nake, duk ƙirgar ƙarshen wata ana rasa buhu 10 zuwa 12, na mayar da ƙirgar duk Asabar, na hana buhu fita sai da rasit mai sa hannu, cikin wata 4 giɓin ya koma buhu 1. Wannan nake son kawo muku."

Na so in cusa Excel da kwas ɗin kwamfuta, ta hana, ta ce hujja ɗaya, sauran su jira a ƙasa, kuma wadda ta amsa buƙatarsu za ka ɗauka ko da kana da wadda ta fi burge ka. Lambar ma sai da ta sa na duba littafin shago na tabbatar, don a intabiyu a kan lambar za a tsaya, in ka ƙara gishiri nan take ake ganewa.

Da wannan buɗewar na nemi inda zan fara ran Litinin, kuma tambayarsu ta farko kan buhunan nan ce. Na kamfanin kajin dai har yau in na bi ta Kwangila sai na ji zafi, don na san na fi ƙarfin aikin.