Kafin sabon albashi ya shigo, ka riga ka raba shi

Ƙarin albashi a wajenmu ba ya zuwa a ɓoye. A watan Oktoba na 2024, da Gwamna Nasir Idris ya amince da Naira 75,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi a Kebbi, bayan dokar tarayya ta Naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yuli, rediyo ya riga kowa kai labari gida. Mai gidan haya ya ji, mai shago ya ji, ƙaninka da ke ƙauye ma ya ji. Haka ƙarin girma yake, takarda na fitowa an fara yi maka barka, alhali kuɗin ba su shigo ba tukuna. Tsakanin jin labari da shigowar alat na farko akwai 'yan makonni, wani lokaci har watanni. Ƙannena da kuka fara aiki kwanan nan, a wannan ɗan tsakanin ake yanke hukuncin ko ƙarin zai zauna ko zai bi ruwa, kuma ni a nan na yi ta faɗuwa.

Ba caca na yi ba, ban kuma yi wani almubazzarancin da za a nuna ni da yatsa ba. Ina da ajiya tun farkon aiki, ana cire mini wani adadi duk wata, ina ta alfahari da hakan. Abin da ban lura ba shi ne adadin bai taɓa motsi ba. Aka yi mini ƙarin girma, aka yi gyaran albashi, ajiyar tana nan inda na bar ta, duk ƙarin kuwa ya faɗa cikin kashewa. Na bar ɗaki biyu na kama gida mai falo a Birnin Kebbi, na karɓi babur bashi ana zara daga albashi, na koma sayen data ta wata mai tsada. Ko wanne da hujjarsa. Da shekara ta zagayo sai na tarar ranar 20 ga wata aljihuna ya bushe kamar yadda yake bushewa kafin ƙarin, sai dai yanzu ɗawainiyar da ke wuyana ta fi ta da nauyi.

Ga lissafin da ya kamata a ce na yi. Mu ɗauka abin da ke shigo maka a hannu Naira 120,000 ne, kana ajiye 12,000, kana rayuwa da 108,000. Ajiyarka kashi 10 cikin ɗari ke nan. Sai aka yi ƙari, alat ya koma 160,000. Idan ka bar ajiyar a 12,000, ta sauko zuwa kashi 7.5 ba tare da ka taɓa ta ba. Kai a ganinka ba abin da ya canja, amma ka koma baya. Idan ka ce bari in riƙe kashi 10 ɗin, za ka ajiye 16,000, wato daga ƙarin 40,000 ka tsira da 4,000 kacal, sauran 36,000 sun tafi kasuwa. Ya fi babu, sai dai ba shi nake nufi ba. Abin da nake nufi shi ne kason kansa ya hau duk lokacin da albashi ya hau.

Sai dai kada mu yaudari kanmu, ba duk 40,000 ɗin nan ne ƙari ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 farashi yake gudu, har hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024 bisa alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Wanda ya ce maka ka ajiye ƙarin dukansa bai daɗe da zuwa cefane ba. Don haka ka fara da ware abin da kasuwa ta riga ta cinye. Ka zauna da uwargida, ko kai kaɗai in ba ka yi aure ba, ku lissafa abin da kuke saye tun da can: kwanon shinkafa da na gero, man gyaɗa, man babur, gawayi ko gas, kuɗin makarantar yara. Abin da kuka saba saye kawai, ban da wanda ake sha'awa. A ce kun tarar sai an ƙara 16,000 kafin a ci irin abincin bara. To, ƙarinka na gaskiya 24,000 ne, shi za ka raba biyu. Rabi ka ji daɗinsa, halalinka ne. Rabi ya hau kan ajiya, ta tashi daga 12,000 zuwa 24,000, kashi 15 cikin ɗari na sabon albashi. Gida ya samu 136,000 a maimakon 108,000, ba wanda zai ce an matse shi, ajiya kuma ta ninka.

Me ya sa rabi? Domin na taɓa gwada zafin kai daga baya, na ce duk ƙarin ajiya zai tafi, ban kai ko'ina ba na fasa. Wanda aka yi wa ƙarin girma bai ga alamarsa a tukunya ba, zuciyarsa ba za ta daɗe tana biyayya ba, iyalinsa ma haka. Kuma da abin da ya shigo hannu za ka yi lissafi, ba da adadin da ke kan takardar ƙarin girma ba, saboda haraji da kuɗin ƙungiyar ƙwadago, da na fansho ga wanda ake cire masa, su ma suna hawa tare da albashi. In ba ka da tabbacin abin da zai shigo, tambayi abokin aikin da ya riga ka hawa matakin.

Yanzu batun yadda abin zai riƙa tafiya da kansa, don niyya kaɗai ba ta kai mutum ƙarshen wata. Hanya mafi ƙarfi ita ce a cire tun daga tushe. Yawancin ma'aikatu suna da ƙungiyar gama kai ta ma'aikata, wadda ake zarar kuɗinta kafin albashi ya iso asusunka. Kuɗin da ba ka gani a alat ba, ba ka yin shiri da su. Kana karɓar takardar ƙarin girma ka je wajen sakataren ƙungiyar ka cike takardar ƙara adadin da ake cire maka, ka ce ya fara daga watan da sabon albashi zai fara. Amma ka bincika ƙungiyar tukuna: ana taron shekara, ana karanta wa mambobi lissafi, kuma waɗanda suka nemi kuɗinsu bara sun samu a kan lokaci? Akwai inda ake cirewa daga albashi amma kuɗin su daɗe ba su isa asusun ƙungiyar ba.

Hanya ta biyu ita ce umarnin dindindin ga banki, wanda a manhajar waya ko a takardar banki za ka ga an rubuta Standing Order. Kana gaya wa banki ne ya tura adadi kaza zuwa wani asusu a rana kaza duk wata. Abu biyu suke kayar da mutane a nan. Na farko, adadi ne tsayayye, bankin bai san an yi maka ƙari ba, ba kuma zai ƙara da kansa ba, sai ka soke tsohon ka sa sabo. Wannan shi ne ainihin ramin da na faɗa. Na biyu kuwa ranar. Albashin gwamnati ba kullum yake shigowa rana ɗaya ba, in umarnin ya zo ya tarar da asusu wayam, watan ya wuce ke nan, sau da yawa ba tare da ka ankara ba. Ka duba alat ɗinka na watannin baya, ka ga ranar da ya fi makara, ka sa umarnin kwana ɗaya ko biyu bayanta. Asusun da kuɗin ke zuwa kuma kada ka karɓar masa kati, kada ka haɗa shi da manhajar da kake biyan mai shayi da ita. In kana gudun kuɗin ruwa, akwai bankunan da ba sa mu'amala da shi, irin su Jaiz da TAJ.

Adashe ma yana wannan aiki, in ka ƙara hannu ko ka shiga na masu zubi mai kauri, domin kunyar uwar adashe ta fi tsoron banki tasiri. Matsalarsa ranar kwasa ce. In ba ka riga ka yanke inda kuɗin za su tafi ba, dunƙulen da ka yi wata goma kana tarawa zai ƙare a waya sabuwa.

Ariyas kuma, wato bashin watannin ƙarin da ake biya a dunƙule, sau ɗaya yake zuwa, don haka kada a ɗora masa abin da ake biya duk wata. Ka biya bashi da shi, ko ka sayi hatsi da kaka, ko ka tura mafi yawansa ajiya a ranar da ya shigo.

Rabin da na ce ka ji daɗinsa ma akwai dabara a ciki. Ɗinkin Sallah ko sabuwar katifa sau ɗaya ake biya a huta. Haya mai tsada, bashin banki a kan albashi, da makarantar kuɗi mafi tsada kuwa, duk wata ko duk zango suna nan suna jiranka, sauka daga kansu kuma da wuya, don mutane sun riga sun gan ka a sama. Ƙa'idar da nake bi yanzu ita ce duk sabuwar ɗawainiya mai maimaituwa sai ta shiga cikin 12,000 ɗin nan na jin daɗi, in ba ta shiga ba ta jira ƙari na gaba. Haƙƙin iyaye da 'yan'uwa ma daga nan zai fito, kuma gara ka yanka shi da kanka tun wuri. Ka kira Baba ko Inna ka ce daga wannan wata abin da kake aikowa ya ƙaru da kaza. Sun ji daɗi, ka samu albarka, in wani ya zo da buƙata a tsakiyar wata kuma kana iya cewa babu ba tare da ka yi ƙarya ba, tunda kuɗin sun riga sun bar hannunka.

Bayan wata uku ka duba ko awon ya yi daidai. In kana komawa asusun ajiya kana zara kafin wata ya ƙare, ko sunanka ya fara tsawo a littafin bashin mai shago, to ka ɗora wa kanka fiye da ƙarfinka, ko kuma lissafin cefanen ne bai cika ba. Kada ka soke tsarin gaba ɗaya, ka rage 24,000 zuwa 21,000 ka sake dubawa. In kuwa wata na ƙarewa da saura a asusun albashi, ƙara 2,000 a kan umarnin. Kuma tunda Naira a kwance farashi na cin ta, da zarar ajiyar ta kai abin da zai riƙe gida wata uku, abin da ya hau kai ka juya shi zuwa abin da ka san kansa, ko buhunan shinkafa daga Argungu ko Suru lokacin girbi in kana da wurin ajiya mai kyau, ko Sukuk, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa na gwamnatin tarayya, idan an buɗe sayarwa, wanda ake iya shiga da Naira 10,000.