Hannun kwaɗo ake fara dubawa

Shekarata ta biyu ina koyon walda a Sabon Garin Zariya, muka yi wa wani mai shagon hatsi a Tudun Wada ƙofar ƙarfe. Maigidana ya ba ni kuɗi in sayo kwaɗo. Na zaɓo wani ƙato mai ruwan zinariya, an buga 60 a jikinsa, na jinjina shi na ji nauyi, na ce shi ke nan. Ba a yi wata biyu ba aka shiga shagon. Da muka je, jikin kwaɗon na ƙasa ko ƙwarzane babu, lanƙwasasshen hannunsa ne aka datse da almakashin yanka rodi.

Maigida bai yi faɗa ba. Ya ɗauko magagari ya ce, "Goga min nan." Ina gogawa sai ga gari yana zuba, magagarin ya ci ƙarfen kamar ƙusa. Ya miƙo nasa tsohon kwaɗon, na goga, sai santsi kawai, ko alama bai bari ba. Ya ce, "Yaro, wannan an ƙona shi an tsoma, ya yi tauri. Naka ko rodi ya fi shi."

Ranar na gane 60 ɗin nan faɗin jiki ne a milimita, ba ruwansa da kaurin hannu. Wanda na sayo hannunsa bai wuce milimita 7 ba. Yanzu in ƙofar shago ce, ba na karɓar ƙasa da 10, kuma na fi son wanda kafaɗun jikinsa suka taso suka rufe hannun, don almakashi ya rasa wurin kamawa. Dogon hannu kuwa, sai dai in ƙofar ce ta tilasta.

Ruwan zinariyar ma fenti ne. Tagulla ta gaske mayen ƙarfe ba ya kama ta, in ka kankare ƙasanta rawaya za ka gani har ciki. In mayen ya kama jikin kwaɗon, ƙarfe ne aka shafe. In bai kama ba amma kankarar ta fito fari-fari, yawanci haɗin tutiya ne, guduma ɗaya kan iya fasa shi.

Inda abin ke da wuya shi ne tsatsa. Jikin tagulla ba ya tsatsa, amma ƙarfe mai taurin nan, da rufinsa ya ɓare, ruwan Agusta zai ci shi. Hannun da ba ya tsatsa kuma yawanci ya fi sauƙin yankawa. Don haka ƙofar da ke kallon titi muna sa mai tauri, mu walda masa ƙaramin akwatin ƙarfe, buɗe ta ƙasa daidai shigar hannun mutum da mabuɗi. Ruwa ba ya dukansa, almakashi ba ya kai wa gare shi. Baƙin mai kuma ba ma ɗura masa, da ƙurar hunturu ta hau kai sai ya daskare. Garin bakin fensir muke busawa a ramin mabuɗin.

Kuɗin sabon kwaɗon mai hatsi dai a aljihuna maigida ya cire.