Yadda na sauya bawul ɗin kwayil a wani zauren taro a Garwa

Bawul ɗin da ke sarrafa ruwan sanyi a kwayil, wato naɗaɗɗen bututun da iska ke ratsawa ta yi sanyi a injin sanyaya ɗaki, ba a gane ingancinsa a watan Afrilu. A lokacin da zafin Garwa ya haura digiri 40, kowane bawul a buɗe yake har ƙarshe, mai kyau da marar kyau duk ɗaya ne. Sai sanyin hunturu ya shigo a Disamba da Janairu, ko da safe kafin mutane su cika zaure, sannan ake ganin wanda aka zaɓa da lissafi da wanda aka saya da ido. A irin wannan lokacin ne aka kira ni wani zauren taro, inda ake kukan iskar da ke fitowa ba ta tsayawa wuri ɗaya: yanzu ta sauka digiri 11 mutane su fara jan gyale, can anjima ta hau 17.

Na fara duba matatar iska, domin ƙurar hunturu kan toshe ta har ta rikita kowane awo. Tsaf na same ta. Sai na tsaya gaban ƙaramar motar da ke tura sandar bawul ina kallon alamarta. Takan ɗaga kaɗan, bai kai faɗin farce ba, ta dakata, ta koma ta rufe ruf, sannan ta sake ɗagawa. Idan ta kusa rufewa ana jin wani siririn fito a jikin bututun. Ruwa na shiga a digiri 7, amma maimakon ya dawo a 12 kamar yadda aka tsara, a mafi yawan lokaci 9 yake dawowa.

Bututun DN50 ne, wato mai faɗin kusan milimita 50, bawul ɗin ma DN50, mai baki biyu, an buga Kvs 40 a jikinsa. Dattijon mai aikin famfo da ke kula da ginin ya ce mini, "Injiniya, ai daidai da bututun aka sa shi, ta ina ya yi yawa?" Na ce, "Baba, bututu ana zaɓensa ne don ruwa ya wuce ba wahala, shi kuwa bawul aikinsa ya riƙe ruwan. In bai riƙe komai ba yana buɗe, ba shi da ta cewa sai ya kusa rufewa."

Ga lissafin da na yi a gabansa. Kwayil ɗin na kilowat 70 ne, tazarar zafin ruwa tsakanin shiga da fita digiri 5. Lambar Kv kuwa ita ce yawan ruwan da ke ratsa bawul a awa ɗaya, da mita kubik, idan matsi ya faɗi da bar 1 a kansa. Kvs shi ne Kv ɗin lokacin da bawul ya buɗe gaba ɗaya. A lissafin, P ƙarfin kwayil ne, ΔT tazarar zafi, Q yawan ruwa, Δp faɗuwar matsi.

```
Q  = P / (1.163 × ΔT) = 70 / (1.163 × 5) ≈ 12 m³/h
Kv = Q / √Δp
Δp = (Q / Kvs)² = (12 / 40)² = 0.09 bar = 9 kPa
```

Wato bawul ɗin, yana buɗe, kilofaskal 9 kawai yake ci. Takardar kwayil ta nuna yana cin 30, bututun reshen da ke kai masa ruwa da rariyar ruwa da gwiwoyi suna cin kimanin 10, jimilla 40. Ikon bawul ana samunsa ne ta raba matsin da yake ci yana buɗe da matsin da ke kansa yana rufe. A takarda mutane kan ɗauki na biyun a matsayin jimillar reshen, wato 9 a raba da 49, ya ba da 0.18. Wannan ma ya yi ƙasa, domin abin da ake nema shi ne kusa da 0.5, kuma ni ba na yarda da ƙasa da 0.3.

Amma takarda ba ta faɗi gaskiya duka ba. Na ɗaura geji a bakin reshen, tsakanin bututun kawowa da na mayarwa. Reshen yana kusa da ɗakin famfo, shi ya sa da duk bawulolin ginin suna buɗe na karanta kilofaskal 100, ba 49 ba. Rarar nan bawul ɗin daidaita ruwa ne ke shanye ta, wato wani bawul na dabam da ake saitawa da hannu a reshen, an shaƙe shi sosai. Da muka rufe yawancin rassan ginin, kamar yadda ke faruwa da kansa da safiyar hunturu, sai gejin ya hau 160, saboda famfon gudu ɗaya yake yi, kuma irin wannan famfo matsinsa ƙaruwa yake idan ruwan da ake ja ya ragu. Ikon gaske ke nan 9 a raba da 160, bai kai 0.06 ba.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, har da masu takardar shaida. Bawul ɗin daidaita ruwa yana taimako ne kawai lokacin cikakken lodi. Matsin da kwayil da bututu da shi kansa suke ci yana tafiya ne da yawan ruwa a ninka da kansa. In ruwa ya koma rabi, abin da suke ci ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. In ya koma kashi ɗaya cikin biyar, sai ya zama ɗaya cikin ashirin da biyar, kusan babu. Duk matsin da suka saki kan bawul ɗin sarrafawa yake komawa, daidai lokacin da ake son ya auna ruwa ɗan kaɗan a tsanake.

Shi kuma kwayil ba ya ba da sanyi daidai da ruwan da aka ba shi. A irin wannan mai tazarar digiri 5, kimanin kashi 20 cikin ɗari na ruwan ya isa ya ba da rabin sanyin, rabin ruwan kuma ya ba da kusan kashi 80. Don haka ake sa bawul mai buɗewa sannu a farko, ya yi sauri a ƙarshe, domin lanƙwasarsa ta gyara ta kwayil, rabin ɗagawar sanda ya zo daidai da rabin sanyi. Idan iko ya yi ƙasa wannan gyaran ya lalace. Da na tsayar da tsohon bawul a rabin ɗagawa, ruwa mita kubik 6 da rabi ya wuce, fiye da rabin abin da aka tsara, wato sanyin ya riga ya haura kashi 80. Sauran rabin tafiyar sandar kusan aikin banza ne.

Na duba rabin lodi da lissafi. Ana buƙatar mita kubik 2.4, matsin da ke kan bawul kusan bar 1.56, Kv ɗin da ake so ya zama 1.9. Bai kai kashi 5 cikin ɗari na Kvs 40 ba. Takardar bawul ɗin ta ce yana iya sarrafa ruwa har zuwa kashi ɗaya cikin hamsin na Kvs, wato 0.8, ƙasa da haka sai dai buɗe ko rufe. A matsin bar 1.6, Kv 0.8 na sakin kusan mita kubik 1, wanda ya isa ya ba da wajen rubu'in sanyin kwayil. To duk safiyar da zauren ke buƙatar ƙasa da rubu'i, bawul ɗin ba shi da inda zai tsaya. Abin da na gani ke nan a jikin motar, kuma babu gyaran kwantirola, wato na'urar da ke ba motar umarni, da zai magance shi. An riga an taɓa lambobinta kafin zuwana, abin da aka samu kawai shi ne hawa da saukar ya ƙara jinkiri.

Wajen zaɓen sabo, na nemi bawul ya ci abin da sauran reshen ke ci, bar 0.4. Kv ya fito 19. Babu 19 a kasuwa, jerin da ake ƙerawa 10 ne, 16, 25, 40. Mai 25 zai ci kilofaskal 23, mai 16 zai ci 56. Da yawa sukan haura sama don tsoron kada ruwa ya gaza a Afrilu, kuma tsoron yana da dalili in famfo ba shi da rara. Amma ni na riga na auna 100 a bakin reshen. 56 da 40 sun zama 96, akwai sauran 4, sai dai a saki bawul ɗin daidaitawa. Matsin da ake ɓarnatarwa a can ya dawo hannun wanda zai yi amfani da shi, ba tare da famfo ya ƙara cin wuta ba. Na ɗauki 16. Yawanci a jikin DN32 ake samunsa, amma ruwa zai yi gudun wajen mita 4 a daƙiƙa a wannan bakin, don haka na nemi mai jikin DN40 da ƙaramin ciki, muka sa mahaɗi mai rage faɗi gaba da baya.

Ya kamata mai sayen kaya ya lura da abu ɗaya. Abin da ke zuwa ta Duwala yawanci da Kvs ake rubuta shi, amma wani kayan da ke shigowa ta Najeriya da Cv yake zuwa, awon Amurka. Cv ya fi Kv da kusan kashi 16 cikin ɗari, don haka Cv 16 ba ya wuce Kv 13.8, kuma wannan zai ci kilofaskal 75, ya fi 60 ɗin da ya rage wa bawul a reshen.

Sabon bawul bai gama aikin shi kaɗai ba. Da famfo na hawa 160, ikonsa 56 a raba da 160 ne, 0.35. Ya fi na da nesa ba kusa ba, amma ban gamsu ba, domin zauren nan yawancin shekara a rabin lodi yake aiki. Na shawo kan masu ginin aka sa wa famfo inbata mai sauya gudu, da na'urar awon matsi da ke riƙe 100 a bakin reshen. Ikon ya koma 0.56. Da kuɗin inbata bai samu ba, da bawul mai riƙe bambancin matsi na sa a reshen kaɗai, ko da yake shi ma yana da nasa matsin da zai ci, sai an sake lissafi.

Kafin in miƙa aikin na mai da kwantirola hannu, na riƙa ba motar umarni mataki-mataki ina karanta ruwa a bakunan awo na bawul ɗin daidaitawa. A rubu'in ɗagawa ruwan bai kai mita kubik 1 ba, a rabi ya ɗan wuce 2, a kashi 75 ya kusa 6, a buɗe duka 12. Wannan 2 da ɗoriya na rabin ɗagawa shi ne lambar da na fi so in gani, don ya zo dab da 2.4 ɗin da rabin lodi ke buƙata. Na rubuta lambobin huɗu a kwali na liƙa a jikin injin, na nuna wa Baba yadda zai maimaita awon. In wata rana na buɗe duka ya sauka ƙasa da 12 alhali geji na nuna 100, rariyar ruwa zai fara kwancewa ya wanke, kada ya taɓa bawul.