Man kanumfari ya ja mini asarar haƙori

Ƙannena, akwai gurbi a muƙamuƙina na hagu inda turmin haƙori yake a da, kuma sakacina ne ya jawo.

Abin ya faro da ɗan baƙin ɗigo. In na kurɓi ruwan sanyi ko shayi mai sukari sai ya tsira mini kamar allura, nan take ya lafa. Wata gwaggona a unguwar Zariya, nan Maraɗi, ta miƙo mini ƴar kwalbar man kanumfari ta ce, "Ɗana, ɗiga wannan kafin ka ga likita." Rabin maganarta na ɗauka, na watsar da rabin.

Gaskiya man yana aiki. Mafi yawansa sinadari ne mai suna yujinol, wanda ke sa jijiya ta yi sanyi ta daina kai saƙon zafi na ɗan lokaci. Likitocin haƙori ma suna gauraya shi cikin cikon wucin gadi. Amma ramin yana nan. Ƙwayoyin cuta na baki suna cin sukarin da ya maƙale, su fitar da asid mai narkar da haƙori, kuma abin da ya rarake ba ya tsirowa. Sai an kankare ruɓar an cike gurbin.

Wata biyar ina ɗigawa. Ciwon ya canza hali: ya daina jiran ruwan sanyi, ya koma bugawa da kansa cikin dare, musamman in na kwanta. Alama ce ruɓa ta kai ga jijiya, ciko kaɗai ba zai wadatar ba. Na shiga zuba man tsurarsa, har dasashina ya ƙone ya yi fari yana saɓulewa.

Sai wata safiya ciwon ya ɗauke cak. Na yi hamdala, ashe jijiyar ce ta mutu. Bayan sati uku kumatuna ya kumbura, ga zazzaɓi, ga ɗanɗanon mugunya a baki. Likita ya duba ya girgiza kai, ya ce da na zo tun lokacin ruwan sanyi, da ciko ya isa. Cirewa aka yi.

In dare ya rutsa da ku, ku sa ɗigo 1 ko 2 cikin ƙaramin cokali na man gyaɗa, ku tsoma ƴar auduga, ku matse ta, ku ɗora a kan ramin kaɗai na minti 5 zuwa 10, sannan ku cire. Kada ku haɗiye, kada ku wuce kwana biyu ba ku ga likitan haƙori ba. Ku ɓoye kwalbar daga yara, don kaɗan in suka sha yana iya lalata musu hanta. In kuwa fuska ta kumbura, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiya ta yi wuya, ku tafi asibiti a daren nan, kada ku jira gari ya waye.