Wayar hannu: batir ɗari bisa ɗari ba abin murna ba ne

A shekarun da na yi ina gyaran waya a Kano, abin da ya fi zauna mini a kai game da sayen wayar da aka yi amfani da ita shi ne lambar da ta cika kyau ita ce ta fi bukatar bincike. Ka ɗauki iPhone 11, wadda ta fito a 2019. Mai sayarwa zai buɗe maka Settings, ya shiga Battery Health, ya nuna maka 100%, ya ce 'yar Landan ce, ba ta sha wuya ba. Amma kamfanin Apple da kansa ya ce batirin irin wannan waya an yi shi ne ya riƙe kusan kashi 80 na ƙarfinsa bayan cikakken caji 500. Wayar da ta yi shekaru a hannun mutum, in ta nuna 84 ko 86, gaskiya take faɗa. In ta nuna 100, to ko an sake batirin, ko an taɓa lambar.

Sake batir ba laifi ba ne, ɓoyewar ce laifi. Don ka gano ko an sake shi, a cikin Settings sai ka shiga General, ka danna About, ka duba Parts and Service History. In ka ga Unknown Part, wayar ba ta gane batirin a matsayin na asali ba. In babu komai a wurin kuma ga 100%, nan hankalina yake tashi, domin akwai na'urar da ake mayar da lissafin batir baya da ita. Maganin wannan shi ne gwaji: ka kunna kyamara tana ɗaukar bidiyo na minti goma. Gajiyayyen batir zai riƙa zubewa a gabanka, wani lokaci ya yi tsallen lambobi, jikin wayar kuma ya ɗau zafi.

Duba IMEI kuwa, wato lambar shaidar da kowace waya take da tata, aikin minti ɗaya ne. Danna `*#06#`, lambobi 15 za su fito, ka zaro mazaunin sim ka kwatanta da waɗanda aka rubuta a jikinsa. In sun saɓa, an haɗa wayar ne da sassan wata, ko aƙalla an sauya mazaunin, kuma dole mai ita ya yi bayani.

Tambayar da mutane suke jin nauyin yi ita ce: "Malam, a ina ka samo ta?" Ni kam ba na jin nauyinta, don na ga magidanci mai mutunci yana zarya ofishin 'yan sanda a kan wayar da ya saya da kuɗinsa. Masu bin sawun wayar sata wanda take hannunsa suke fara kamawa. Saboda haka mai sayarwa ya fita daga iCloud ɗinsa a gabanka, a goge wayar, a sake kunna ta ka ga ba ta nemi asusun wani ba. Sannan ya rubuta maka rasit da sunansa, lambar wayarsa da IMEI ɗin. Wanda ya ce ya manta kalmar sirrin, ko yana sauri gobe zai kawo rasit, ka miƙa masa wayarsa komai arharta.