Kafso huɗu a leda

Ranar Talata bayan magariba na shiga kemis ɗin layinmu sayen maganin hawan jini, sai na tarar da ɗan ƙanwata ya jingina da kanta yana yi wa mai kemis raɗa. Bai gan ni ba. Na ji kalma ɗaya, "sanyi", na kuma ga an ƙulla masa kafso huɗu a leda. Yaron nan saura mako bakwai a ɗaura masa aure, ni na karɓo masa kuɗin ɗinkin ma. Da ya juyo muka yi ido huɗu sai ya ce, "Kawu, mura ce." Na ce Allah ya sawwaƙe, na koma gida, na kasa cin tuwo.

A 1998 ni ne a jikin kanta irin wannan. Ina fataucin atamfa zuwa Kwatano, shekarata ashirin da tara, an sa mini rana. Abin da ya faru a hanya ya faru, Allah ya yafe. Kwana huɗu da dawowata na tashi da zafin fitsari kamar ana zuba mini barkono, ga ruwa mai kauri, rawaya-rawaya, yana ɓata mini wando. Wani abokin tafiya ya ce amfisilin, ja da baƙi. Na sha kwana biyu, shiru. Mai kemis ya canza mini zuwa sifro, ƙwaya biyu, kafin kwana uku na bushe ƙaf. Na yi hamdala, na ɗauka magana ta ƙare, aka ɗaura aure bayan mako shida.

Sai bayan shekaru wata likitar mata ta warware mini abin da ya faru. Abin da muke tattarawa mu kira sanyi ba cuta ɗaya ba ce. Mai fitar da mugunya da zafi ita ce gonoriya, wadda ke bayyana ga namiji tsakanin kwana 2 zuwa 7 galibi. Sau da yawa tana tafe da abokiyar tafiya, kilamidiya, wadda ba ta da hayaniya: kusan rabin mazan da ke ɗauke da ita ba sa jin komai, mata kuwa kusan bakwai cikin goma. A wancan zamani sifro yana kashe gonoriya, amma ba a dogara da shi ga kilamidiya. Wato na kori mai ihun, na shiga ɗakin amarya da mai shirun.

Ina so in ce ban sani ba, kuma gaskiya ne ban sani ba. Wa ya taɓa gaya mana? A ganinmu cuta ita ce abin da ke ciwo, in ciwo ya tafi ka warke. Mai kemis bai ce in je asibiti ba, bai tambaye ni ko ina da iyali ba. Amma kuma in zan faɗa wa kaina gaskiya, asibiti yana nan, kuɗin mota ne kawai, kunya ce ta hana ni. Na fi son in yi wa mutum ɗaya raɗa da in zauna a benci a kira sunana.

Wata huɗu da tarewa uwargida ta fara ciwon mara da zazzaɓi. Aka ce taifot. Aka yi mata allurai, ta samu sauƙi. Bayan wata shida ya dawo, tsofaffi suka ce sanyin mara ne na shiga ruwan sanyi, wata maƙwabciya ta ce a masai ta ɗauko, aka jiƙa mata saiwoyi. Karo na uku har tafiya ta gagare ta sai a duƙe. Kowane karo ita ake ba magani, ni ina gefe ina biyan kuɗi ina cewa sannu, ina ganin kaina mijin kirki. Ko da wani maganin ya dace ya wanke ta, ni ne rijiyar, ina nan ba a taɓa ni ba, ina sake mayar mata. Kuma waɗannan cututtukan ba a masai ake ɗaukar su ba, ba kuma ruwan randa ke kawo su ba. Ta saduwa suke bi, sai kuma daga uwa zuwa idon jariri wajen haihuwa.

Yadda likitar ta zana mini a takarda shi ne: ƙwayar cutar tana zama a bakin mahaifa, daga nan ta haura cikin mahaifa ta shiga bututu biyun nan da ƙwai ke bi ya sauko. Bututun siriri ne, cikinsa da wasu 'yan gashi masu tura ƙwai gaba. Kumburi yana ƙone gashin, in ya warke ya bar tabo. Magani yana kashe cuta, amma ba ya goge tabo. In tabon ya rufe hanya gaba ɗaya, babu ciki. In ya ƙuntata ta kawai, ciki yana iya shiga ya maƙale a bututun. Wani dogon bincike da aka yi a Suwidin ya nuna cewa bayan kumburin mara na farko kusan mace 8 cikin 100 ke rasa haihuwa saboda toshewar bututu, bayan na biyu kusan 20, bayan na uku kusan 40. Uwargida sau uku ta yi.

A 2001 ta yi ɓatan wata, muka yi murna a ɓoye. Mako bakwai, cikin dare, ta faɗi a tsakar gida tana riƙe da gefen dama, jikinta ya yi sanyi ƙalau. Cikin a bututu ya zauna, ya fashe. Leda uku na jini aka ƙara mata, aka cire bututun. A 2004 aka yi mata hoton da ake tura ruwa ta mahaifa a ga ko zai wuce, na hagun ma a toshe. A nan ne likitar ta ce a kira mijin. Ta tambaye ni, a gaban bango ba a gaban matata ba, ko na taɓa fitar da mugunya. Na ce sau ɗaya, tuntuni, kuma na warke. Ta ɗago ta dube ni, ta rubuta mana magani mu biyu.

Ta ce ba za a iya rantsuwa a kan abin da ya wuce shekara shida ba, kuma na daɗe ina fakewa da wannan maganar. Haihuwa ta Allah ce, haka nake cewa, kuma haka ne. Sai dai yarinya ce 'yar shekara goma sha tara da aka kawo mini daga ɗakin uwarta. Ban da wurina, ina za ta samo? Hajiyarmu ta matsa na ƙara aure a 2005, amarya ta haifi biyar, dangi suka samu hujjarsu: ai ga shi, matsalar daga waccan ce. Gorin da aka yi mata a gidajen suna ina ji, ban taɓa buɗe baki ba. Na riƙe ta da mutunci, ban sake ta ba, na kai ta Makka, 'ya'yan nan ita ta raine su. Nakan lissafa waɗannan in na kasa barci, ba sa kai ni asuba.

Na zauna da niyyar rubuta wa samari shawara goma. Da na ƙirga, ba su kai ba.

Abin da ya sa ledar yaron nan ta fi tawa haɗari shi ne, ƙwayar gonoriya ta cinye magungunan da muka sani ɗaya bayan ɗaya. Finisilin ya yi shekaru yana aiki, sai a 1976 aka gano nau'in da ke narkar da shi, kuma Afirka ta Yamma na cikin wuraren da ya fara ɓulla. Shi ya sa ja da baƙina bai yi komai ba. Tetarasaikilin, ja da rawaya, ya bi sahu. Sifron da ya cece ni, Amurka ta daina ba da shi ga gonoriya tun 2007, kuma yau a ƙasashe da yawa yawancin ƙwayoyin ba sa jin sa. Abin da aka dogara da shi yanzu allurar seftiriyazon ce, ita ma an samu nau'in da ya bijire mata a Japan a 2009. A 2018 wani mutum a Ingila ya zo da wadda ta ƙi seftiriyazon ta ƙi azitiromaisin, sai da aka kwana uku ana ɗura masa wani magani ta jijiya. Kafso huɗu ba sa kashe ta. Suna kashe raunanan, ruwan ya ragu, masu taurin kai su zauna su hayayyafa. Kowane "haɗa mini na ɗari biyar" horo ne ake ba ta.

To ka je asibiti. A faɗa maka gaskiya, ba kowane wuri ke da na'urar gano kilamidiya ba, shi ya sa ma'aikacin lafiyar da ya san aikinsa yake maganin biyun tare: allurar seftiriyazon sau ɗaya, da dokisaikilin miligiram 100 safe da yamma har kwana 7. Mai ciki ba ta shan dokisaikilin, azitiromaisin ake ba ta. Na faɗi sunayen ne don ka gane ko an yi maka daidai, ban faɗa don ka kai wa mai kemis ba, ko da yake na san rabinku abin da za ku yi ke nan, ku da kuke ganin waya ta mai da ku likitoci. In za a gwada fitsari, na farkon zubowa ake so, kuma ka yi aƙalla awa ɗaya ba ka yi ba. In ka riga ka sha kafso ka faɗa, domin yana iya ɓoye cutar a gwaji. Babu kusantar iyali sai kwana bakwai sun cika kuma ita ma ta gama nata. Duk wadda ka kusanta cikin wata biyun baya tana buƙatar magani ko da tana jin garau. In ruwan bai tsaya ba bayan maganin, ka koma a ɗebi ruwan a shuka a ga wane magani yake ji, kada ka ƙara wani da kanka. Bayan wata uku a sake dubawa.

Takardar gwajin aure da kuke ɗagawa kuna taƙama, ta ƙanjamau ce da ciwon hanta da sikila. Ba ta ce komai a kan waɗannan biyun ba, sai ka roƙa. Masu lasifika a bakin kasuwa da jarkar "maganin sanyi kowane iri" kuwa, ban da lokacinsu.

Ka kama kanka, wannan ita ce maganar, kuma ita addini ya ce. Na san wanda ya faɗa mini haka a 1998 ban ji ba. In ka san ba za ka ji ba, ka sa kwaroron roba. Malamai za su ce na buɗe ƙofa, wataƙila sun yi gaskiya, amma ni na ga abin da ke bayan ɗaya ƙofar. Ku ma kanku ba ku tsira ba: cutar tana kumbura maraina, tana iya toshe hanyar maniyyi, tana ƙuntata mafitsara har mutum ya tsufa yana fitsari ɗigo-ɗigo. Ke kuma, ciwon mara da zafi wajen saduwa ko jini tsakanin al'ada ba taifot ba ne sai an duba, kuma kada ki yarda a yi miki magani ke kaɗai.

Batun ko ka gaya wa matarka, da na rubuta cewa dole ne ka faɗa. Na goge. Na sake rubutawa. Wanda ya yi shekara ashirin da wani abu bai faɗa ba, da wane baki zai ce dole? Abin da na sani shi ne magani dole ne ta samu, ko da wace dabara za ka kai ta.

Ranar Laraba da sassafe na je na ɗauki yaron a mashin, na ce ya raka ni unguwa. Da ya ga ƙofar asibiti ya fara, "Wallahi Kawu ai ya ma daina." Na ce na sani, nawa ma ya daina. Ya dube ni bai gane ba, ni kuma ban ƙara ba. Na zauna a benci har aka kira sunansa. Da na dawo gida uwargida ta tambaye ni ina na je tun da safe ban karya ba, na ce mata kasuwa.