Gaisuwar namiji da mace a wurin aiki ba tare da musafaha ba

Aikin tarbar baƙi a ofishinmu da ke Kaduna ya koya mini cewa gaisuwar da ba a haɗa hannu a cikinta takan gyaru ko ta ɓaci tun kafin a zo dab da juna. Garin nan ya tara mutanen Tudun Wada da Rigasa da na Barnawa da Sabon Tasha a kan teburin aiki ɗaya, kuma abin da wani ya taso ya gani a matsayin ladabi, wato miƙa hannu, shi ne wani yake gudu saboda addininsa. Musulmin da yake gudun hakan yana da madogara, domin Nana A'isha ta ruwaito, kamar yadda ya zo a Bukhari, cewa hannun Annabi (SAW) bai taɓa hannun wata mace ba a lokacin mubaya'a, da magana kawai yake karɓarta. Mazhabar Malikiyya da muke bi ta hana musafaha tsakanin namiji da macen da ba muharramarsa ba, ko da yake malaman Hanafiyya da Hambaliyya sun sassauta game da tsohuwa.

Abin da na fi amfana da shi shi ne riga mutum fara gaisuwa. Idan baƙuwa ta doso, tun tana da saura taku uku ko huɗu nake miƙewa tsaye, in ɗora tafin hannun dama a ƙirji, in ɗan rusuna, in ce, “Barka da zuwa, ranki ya daɗe.” Wanda ya ga hannu a ƙirji ya fahimci irin gaisuwar da za a yi, da wuya kuma ya miƙo nasa. Abokan aikinmu mata sukan riƙe fayil ko jaka da hannu biyu, su ɗan rusuna, su ce, “Ina kwana, Yallaɓai.” Wannan ma yana aiki, sai dai idan ba a haɗa shi da sakin fuska ba, yakan yi kama da ƙosawa.

Tunda an cire hannu, dole baki ya biya abin da aka rage. Gaisuwar Hausa tana da yalwar da za ta ɗauki wannan: a tambayi gajiya, a tambayi hanya, a tambayi mutan gida, a kira mace da Hajiya ko Malama ko muƙaminta. Na lura cewa baƙon da aka ƙi hannunsa aka kuma gajarta masa gaisuwa shi ne yake tafiya da abin a ransa.

Inda ake shan wuya shi ne idan hannun ya riga ya miƙo. An taɓa kawo mana wata jami'a daga Legas domin taron bita, tana bin layin mahalarta tana gaisawa da kowa, har ta iso kan wani dattijo malamin makaranta. Bai ja da baya ba, bai kuma ɓoye hannunsa a aljihun babbar riga ba, waɗanda su ne abubuwa biyu da suke sa mutum ya ji kamar ana ƙyamarsa. Ya ɗora hannu a ƙirji, ya rusuna fiye da yadda ya saba, ya ce, “Ki yi haƙuri, Hajiya, ba na musafaha da mata, amma muna murna da zuwanki ƙwarai,” aka fassara mata, nan take kuma ya tambaye ta yadda ta baro gida. Ita ma sai ta mayar da hannunta ƙirji, ta ci gaba da haka har ƙarshen layin. Abin da ya gyara lamarin shi ne ya jingina dalilin ga kansa a jimla ɗaya, bai mayar da wurin majalisin wa'azi ba, sannan bai bar shiru ya shiga tsakani ba. Tun daga ranar nake sanar da baƙi a hanya, kafin su shiga zaure, cewa su jira su ga abin da mutum zai yi da hannunsa.

Akwai kuma wani abu da ma'aikata suke gani ko ba su faɗa ba. Wanda ya gaisa hannu da hannu da shugabar da ta zo daga ƙasar waje, washegari ya ƙi hannun sakatariya da sunan addini, ya zubar da hujjarsa, domin kowa zai ɗauka muƙami yake dubawa. Haka nan a wurin miƙa takardar shaida gaban mai ɗaukar hoto, inda ake yawan matsa wa mutane su haɗa hannu, mun saba shirya cewa mai bayarwa ya riƙe gefe ɗaya na takardar, mai karɓa ta riƙe ɗaya gefen, a ɗauki hoton a haka, kuma muna gaya wa mai gabatarwa tun da wuri kada ya nemi a yi musafaha.